Babi na Bakwai: Ƙunshi Cikin Ƙunshi

Yawancin mutanenmu sun fara jin sunan VPN ne a watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, dakatarwar da ba a janye ba sai a Janairun 2022. A waɗannan watanni matasa da dattawa sun yi ta sauke manhajojin VPN a wayoyinsu, har aka ɗauka amfanin abin ke nan: ka danna maɓalli, a ga kamar kana wata ƙasa. Amma ba don wannan aka ƙirƙiro shi ba. Tun a shekarun 1990 kamfanoni ke amfani da shi don warware wata matsala ta daban, wato yadda ma'aikacin da ke nesa zai shiga kwamfutocin ofishinsu ta intanet ɗin da kowa ke bi, ba tare da wani ya karanta abin da yake aikawa ko ya sauya shi a hanya ba. Wannan VPN na aiki shi ne batun babin nan.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne: VPN bututu ne mai baki biyu. Abin da ke tsakanin bakunan nan yana cikin tsaro mai ƙarfin gaske. Abin da bai shiga ba tukuna, da wanda ya riga ya fita, babu ruwan bututun da shi. Don mu ga haka da kyau, za mu bi saƙo guda ɗaya tun daga inda ya tashi har inda ya sauka.

Matsalar da ake son warwarewa

Mu ƙaddara wata akanta ce da ke aiki da wani kamfani mai hedikwata a Legas. An tura ta Kano aiki, ta sauka a otal, kuma ƙarshen wata ya zo, dole ta duba takardar albashin ma'aikata kafin a biya. Takardar tana kan wata saba da ke cikin ofishinsu, mai adireshi `10.20.0.15`.

Matsala ta farko tana cikin adireshin nan. Duk adireshin da ya fara da `10.` ko `192.168.` adireshin cikin gida ne, an keɓe shi tun 1994 don kowace ma'aikata ta yi amfani da shi a cikin harabarta. Dubban ofisoshi na da kwamfuta mai wannan lamba, saboda haka na'urorin da ke raba saƙonni a intanet ba sa kai saƙo gare ta. In akantarmu ta rubuta adireshin daga ɗakinta na otal, saƙon ba zai je ko'ina ba.

Matsala ta biyu ita ce hanyar kanta. Saƙon da ya tashi daga kwamfutarta zai bi ta Wi-Fi na otal, ya shiga rautar otal, ya wuce kamfanin da ke ba otal ɗin intanet, sannan ya ratsa na'urorin wasu kamfanonin kafin ya isa Legas. Ba ta san masu kula da waɗannan na'urori ba. Ba ta ma da tabbacin Wi-Fi ɗin da ta shiga na otal ne da gaske, domin wanda ke ɗakin kusa zai iya kunna tasa na'urar ya raɗa mata sunan otal ɗin. Gaskiya ne yawancin shafukan intanet a yau suna kulle abin da ke cikinsu da `https`, kuma wannan ya rage ɓarna ƙwarai. Amma sunan shafin da mutum ya nufa yakan fito fili, kuma tsofaffin manhajojin ofis da yawa an gina su ne da zaton ba za su taɓa fita daga harabar ofis ba, don haka ba sa kulle komai.

Kamfanin zai iya buɗe sabar albashin ga duk duniya, amma wannan gayyatar ɓarayi ce. Zai iya hayar layi na musamman daga Legas zuwa duk inda ma'aikaci ya sauka, amma babu mai kuɗin haka. VPN shi ne mafita ta uku: a bi hanyar kowa da kowa, amma a kulle kayan.

Yadda ake saka ƙunshi cikin ƙunshi

Duk abin da ke tafiya a intanet, hoto ne ko murya ko takarda, ana yanyanka shi ne zuwa ƙananan ƙunshi, kowanne yawanci bai wuce bayit 1500 ba. A goshin kowane ƙunshi akwai adireshin mai aikawa da na mai karɓa, sannan kayan na biye.

Wanda ya taɓa aika wasiƙa ta tashar mota zai gane dabarar nan take. Ka rubuta wasiƙa ga wani da ke cikin wani babban gida, ka sa sunansa a ambulan, sannan ka saka ambulan ɗin cikin akwati mai kwaɗo, ka rubuta sunan maigidan kawai a bayan akwatin. Direba da 'yan kamasho sun san akwati ya tashi daga wurinka zuwa gidan wane, sun ji nauyinsa, amma ba su san wa aka rubuta wa ba, balle abin da aka ce. Maigidan ne kaɗai ke da mabuɗi, shi zai buɗe ya miƙa wasiƙar ga mai ita.

Akwai tsare-tsaren VPN da dama. IPsec ya fito a 1995, James Yonan ya fitar da OpenVPN a 2001, sai WireGuard na Jason Donenfeld, wanda aka shigar cikin zuciyar Linux a watan Maris na 2020. Zan yi misali da WireGuard saboda ƙanƙantarsa, domin layukan shirinsa a lokacin kusan 4,000 ne kacal, kuma saitinsa gajere ne har mutum zai iya karanta shi a zama ɗaya. Ga abin da ma'aikatan sashen kwamfuta suka sa wa akantarmu, ban da mabuɗan da na gajarta:

```
[Interface]
Address = 10.20.0.7/32
PrivateKey = ...
DNS = 10.20.0.2

[Peer]
PublicKey = ...
Endpoint = 203.0.113.10:51820
AllowedIPs = 10.20.0.0/16
PersistentKeepalive = 25
```

Da ta kunna VPN, sai kwamfutarta ta sami adireshi na biyu, `10.20.0.7`, irin na cikin ofis, ban da wanda otal ya ba ta. Layin `Endpoint` shi ne ƙofar kamfanin, wato na'ura guda ɗaya da ke da adireshin da duniya ke gani. Layin `AllowedIPs` kuwa yana gaya wa kwamfutar cewa duk saƙon da ya nufi adireshi mai farawa da `10.20` a cikin bututu zai bi.

Yanzu ta buɗe manhajar albashi. Manhajar ta haɗa ƙunshi daga `10.20.0.7` zuwa `10.20.0.15`, ba ta ma san da wani VPN ba. Kwamfutar ta duba jerin hanyoyinta, ta ga wannan na bututu ne, ta miƙa wa WireGuard. Shi kuma ya kulle ƙunshin ɗungurungum, har da adireshin da ke goshinsa, ya mayar da shi tarin lambobi marasa ma'ana. Sannan ya saka shi cikin sabon ƙunshi, ya rubuta adireshin da otal ya bayar a matsayin mai aikawa, da `203.0.113.10` a matsayin mai karɓa. Wannan na wajen shi ke ratsa intanet. Idan ya isa Legas, na'urar ƙofa ta cire na wajen, ta buɗe na cikin, ta sake shi a cikin ofis kamar daga teburin akantar ya fito. Amsa ma haka take dawowa.

Me mai leƙe a otal ya gani? Ya ga wata kwamfuta tana magana da `203.0.113.10` ta ƙofa mai lamba 51820. Ya ga lokacin da ta fara da lokacin da ta daina, da girman ƙunshin da yawansu. Daga nan zai iya gane VPN ake yi, wataƙila har ya gano kamfanin da ke da adireshin. Amma bai ga sabar da aka nufa ba, bai ga sunan kowa ba, bai ga ko sisi na albashi ba.

Daga ina mabuɗin ya fito?

Nan ne wurin da ya fi cancantar a tsaya. Kulle bayani ba shi da wuya idan ɓangarorin biyu na da mabuɗi iri ɗaya. Wuyar ita ce yadda za su sami mabuɗin alhali duk abin da suka faɗa wa juna a kunnen mai leƙe yake. A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman suka wallafa amsar, kuma har yau a kanta VPN ke tsaye. Za mu gwada ta da ƙananan lambobi, mai karatu zai iya bi da biro da takarda.

Kwamfutar akanta da na'urar ofis sun amince a fili da lambobi biyu, 13 da 2. Kowa ya ji, ba komai. Sai kwamfutar ta zaɓi lambar sirri, a ce 5. Ta jera 2 sau biyar ta ninka su, ta sami 32, ta raba da 13, ragowar 6. Wannan 6 ɗin kaɗai ta aika. Na'urar ofis ma ta zaɓi tata lambar sirrin, a ce 4. Ta jera 2 sau huɗu ta ninka, ta sami 16, ta raba da 13, ragowar 3. Ta aika da 3.

Yanzu kowa zai yi aiki da abin da ya karɓa. Kwamfutar ta ɗauki 3, ta jera shi sau biyar bisa lambar sirrinta, ta ninka, ta sami 243. In aka raba 243 da 13, ragowar 9. Na'urar ofis ta ɗauki 6, ta jera shi sau huɗu, ta ninka, ta sami 1296. In aka raba 1296 da 13, ragowar 9 ne shi ma. Dukansu sun isa ga 9, kuma 9 ɗin nan bai taɓa bi ta waya ba. Mai leƙe ya ji 13 da 2 da 6 da 3, amma kafin ya kai ga 9 sai ya gano ɗaya daga cikin lambobin sirrin.

Da lambobi ƙanana irin waɗannan, ɗan firamare zai gano su ta gwaji. Sirrin yana cikin girma. Lissafin yana da sauƙi in za a yi gaba, amma komawa baya daga ragowar zuwa lambar sirri yana ƙara tsanani yayin da lambobin ke girma. WireGuard na amfani da wani ɗan'uwan wannan lissafi mai suna Curve25519, inda lambar sirrin ke da tsawon bayit 32. Yawan lambobin da za su iya cika wannan tsawo, in aka rubuta shi, adadi ne mai lamba 78 a jere. Babu wata kwamfuta da ake da ita a yau da za ta iya lalubo ta.

Saura matsala ɗaya. Lissafin nan ya ba ka mabuɗi da wanda ke ɗaya bakin, amma bai gaya maka ko wane ne ba. Mai Wi-Fi na jabu zai iya tsayawa a tsakiya, ya yi lissafin da akanta yana cewa shi ne ofis, ya kuma yi da ofis yana cewa shi ne akanta. Wannan ne amfanin layukan `PrivateKey` da `PublicKey`. Kowane ɓangare na da mabuɗin sirri na dindindin da ba ya barin na'urarsa, da kuma mabuɗin fili da aka ciro daga gare shi. Tun kafin ta bar Legas an sa mabuɗin filin ofis a kwamfutarta, an sa nata a na'urar ofis. Ana cuɗa waɗannan cikin lissafin, ta yadda wanda ba shi da mabuɗin sirrin gaskiya ba zai taɓa isa ga amsa ɗaya da su ba. Duk wannan musafaha saƙo biyu ce kawai, ɗaya ya je ɗaya ya dawo. Wanda kuma ya ƙwanƙwasa ƙofar ba tare da sanannen mabuɗi ba, na'urar ba ta ko amsa masa.

Mabuɗin da aka samu ba ya daɗewa. Muddin ana aiki, bayan kowane minti biyu ɓangarorin na zaɓar sababbin lambobin sirri na wucin gadi, su sake musafaha, su shafe tsofaffin. Hikimar ita ce, ko da wani ya naɗi duk ƙunshin da suka wuce ya ajiye, sannan bayan shekara ya sace kwamfutar da mabuɗinta na dindindin, ba zai iya buɗe abin da ya naɗa ba, domin mabuɗan da aka kulle su da su sun riga sun gushe.

Ban da kullewa, kowane ƙunshi na ɗauke da abubuwa biyu. Na farko hatimi ne na bayit 16 da ake lissafawa daga mabuɗin da kayan da ke ciki. In wani ya sauya ko da ɗigo ɗaya a hanya, hatimin ba zai dace ba, sai a yar da ƙunshin. Na biyu lambar jeri ce da ke ƙaruwa da kowane ƙunshi. Wanda ya kwafi wani ƙunshi ya sake aika shi, na'urar za ta ga ta riga ta karɓi wannan lambar, ta ƙi shi. Tsarin da ke yin kullewa da hatimin shi ake kira ChaCha20-Poly1305. IPsec da OpenVPN sun fi amfani da AES, amma manufar ɗaya ce.

Ba kowane abu mai suna VPN ne ke da wannan ƙarfi ba. Akwai tsohon tsari na Microsoft mai suna PPTP, wanda a 2012 Moxie Marlinspike da David Hulton suka nuna a taron DEF CON cewa za a iya fasa hanyar tantancewarsa cikin ƙasa da kwana ɗaya. Kamfanin Apple ya cire shi daga na'urorinsa a 2016. Duk ofishin da har yanzu yake kansa, sunan tsaro kawai yake da shi.

Idan abu ya ƙi aiki

Matsaloli uku ne suka fi damun mai aiki daga nesa, kuma kowacce na da alamarta.

Ta farko, an kunna VPN, manhajar ta nuna kamar komai lafiya, amma babu abin da ke buɗewa. A kwamfuta mai Linux ana rubuta `sudo wg show`, a duba layin `latest handshake`. Manhajojin waya da na Windows ma suna nuna shi. In babu layin sam, kuma ana ganin an aika bayanai amma ba a karɓi komai ba, to musafahar ba ta yiwu ba. Sau da yawa dalilin shi ne otal ɗin na da shafin shiga da ke neman lambar ɗaki, kuma ba a cika shi ba tukuna. Wani lokaci kuma otal ɗin ne ya toshe irin ƙunshin da WireGuard ke amfani da shi, wato UDP. Gwaji mafi sauƙi shi ne a koma kan datar waya. In ya yi aiki a can, laifin na hanyar otal ne, ba na ofis ba.

Ta biyu ta fi ruɗarwa. Musafaha ta yiwu, ƙananan shafuka na buɗewa, amma da an taɓa babbar takarda sai abin ya tsaya cik. Wannan yawanci matsalar girma ce. Ƙunshin waje na cin wuri: bayit 20 na adireshi, 8 na UDP, 16 na goshin WireGuard, 16 na hatimi, jimla 60, ko 80 in ana amfani da sabon tsarin adireshi na IPv6. Shi ya sa ake taƙaita ƙunshin ciki a 1420, don in an ƙara 80 ya cika 1500 daidai. To amma wasu hanyoyin, musamman na datar waya, ba sa ɗaukar cikakken 1500. Ƙananan ƙunshi na wucewa, manyan na ɓacewa ba labari. A Windows ana gwadawa haka:

```
ping -f -l 1392 10.20.0.15
ping -f -l 1200 10.20.0.15
```

Na farkon yana aika ƙunshin da ya cika 1420 in an haɗa da goshinsa na bayit 28, tare da hana a raba shi. In shi ya faɗi, na biyun ya wuce, an kama ɓarawon. Maganin shi ne a ƙara layin `MTU = 1280` a ƙarƙashin `[Interface]`, a sake kunnawa.

Ta uku, an ɗan bar kwamfutar, da aka dawo sai ofis ba ya iya kaiwa gare ta. Dalili shi ne rautar otal, da ta kamfanonin waya, kan raba adireshi ɗaya ga mutane da yawa, kuma tana mance wanda ya yi shiru na ɗan lokaci. Layin `PersistentKeepalive = 25` na sa kwamfutar ta aika ɗan ƙunshi marar kaya duk bayan daƙiƙa 25 don kada a mance da ita.

Abin da bai shiga bututun ba

A sake duban layin `AllowedIPs`. Yadda aka rubuta shi, saƙonnin ofis kaɗai ke shiga bututu. In akantar ta buɗe shafin labarai ko na bankinta, kai tsaye zai bi ta Wi-Fi na otal kamar babu VPN. Kamfanoni da yawa sun zaɓi haka a 2020, lokacin da annobar korona ta mayar da ma'aikata gida, domin na'urorin ƙofarsu ba za su iya ɗaukar taron bidiyo na kowa da kowa ba. In aka sauya layin zuwa `0.0.0.0/0, ::/0`, komai zai bi ta ofis. Otal ba zai ga shafukan da ta nufa ba, amma aiki zai ɗan yi nauyi, kuma kamfanin zai iya ganin duk shafin da ta nufa. Ya kamata kowane ma'aikaci ya san wanne aka sa masa. Hanyar ganewa ita ce ya buɗe ɗaya daga cikin shafukan da ke nuna wa mutum adireshinsa na intanet, kafin ya kunna VPN da kuma bayan ya kunna. In adireshin bai sauya ba, aikin ofis kaɗai ke cikin bututun.

Haka nan layin `DNS`. Kafin kwamfuta ta je kowane shafi sai ta tambayi wata saba adireshin sunan. In ba a sa wannan layi ba, rautar otal za ta riƙa amsa tambayoyin, ta ga kowane suna da aka nema, har ma za ta iya ba da amsar ƙarya.

Inda bututun ya ƙare

A aikace, masu kutse ba sa wahalar da kansu da fasa lissafin Curve25519 ko AES. Bakunan bututun suke nema. Labarin da ya fi nuna haka shi ne na kamfanin Colonial Pipeline na Amurka, mai layin mai na kusan mil 5,500 daga jihar Texas zuwa New Jersey, wanda ke ɗaukar kusan kashi 45 cikin 100 na man da gabashin ƙasar ke sha. A ƙarshen Afrilun 2021 masu kutse suka shiga kwamfutocin kamfanin ta wani tsohon asusun VPN da ba a amfani da shi amma ba a rufe ba. Kalmar sirri kaɗai asusun ke nema, babu mataki na biyu na tantancewa, kuma kalmar ta riga ta faɗa hannun ɓata-gari. Ranar 7 ga Mayu kamfanin ya dakatar da tura mai, bai fara sakinsa ba sai 12 ga wata, gidajen mai a jihohi da dama suka ƙafe. An biya gungun DarkSide kimanin dala miliyan 4.4 kuɗin fansa. Shugaban kamfanin na lokacin, Joseph Blount, ya tabbatar da batun asusun a gaban majalisar dattawan ƙasar a watan Yuni.

A wannan labari VPN ya yi aikinsa daidai. Ya kulle saƙonnin ɓarawon, ya kai su cikin kamfanin lafiya lau, domin bututu bai san mai gaskiya da maƙaryaci ba, wanda ya zo da mabuɗi kawai ya sani. Haka in kwamfutar akantarmu ta kamu da muguwar manhaja, manhajar za ta bi bututun tare da ita har cikin ofis.

Na'urar ƙofar ma kanta abin hari ce, tunda dole ta tsaya a inda duk duniya ke ganinta. A Janairun 2024 an gano ana kutsawa ta wasu kurakurai a na'urorin VPN na kamfanin Ivanti, har hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta umarci ma'aikatun gwamnatin tarayya su cire su daga aiki zuwa farkon Fabrairu. Na'urar da ba a sabunta manhajarta ba, komai ƙarfin lissafin da ke cikinta, ƙofa ce a buɗe.

Wannan ma shi ne abin lura game da manhajojin VPN na kyauta da aka saba saukewa a waya. Bututunsu na ƙarewa ne a sabar wani kamfani da mutum bai sani ba, kuma a can ake buɗe ƙunshin. An ɓoye wa kamfanin waya, an nuna wa baƙo. Bai dace a yi aikin ofis ta cikinsu ba.

Saboda haka, in kai ne ke kula da kwamfutocin ma'aikata, ka rufe asusun duk wanda ya bar aiki a ranar da ya bari, ka cire mabuɗinsa daga na'urar ƙofa. Kada ka yarda kalmar sirri kaɗai ta isa shiga. Ka sabunta na'urar ƙofa da zarar an fitar da gyara, kuma ka taƙaita wa kowa inda zai kai bayan ya shigo, domin akanta ba ta da buƙatar isa kowace saba a kamfanin. In kuma kai ne ma'aikacin, ka tambayi sashen kwamfuta ko duk saƙonninka ne ke bi ta bututun ko na ofis kaɗai, kada ka ba kowa aron kwamfutar aiki, kuma in ta ɓace ka sanar nan take don a soke mabuɗinta. Lissafi ya riga ya tsare hanya. Tsare bakunan biyu aikin mutane ne, kuma kai ne a ɗaya daga cikinsu.